Dafa Ƙwai Masu Yawa da Tururi: Daga Yaushe Ake Fara Ƙirga Minti?

Zuwa ga masu sayar da dafaffen ƙwai a kasuwanni da tashoshin kan iyaka, da iyayen da ke dafa wa yara ƙwan talla, da masu dafa wa iyali a ranar suna ko biki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Jibiya ko ta Maraɗi, ko ya ratsa Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya san faranti mai ƙwai da ƙullin yaji a gefe. Yawancinku kun gaji hanya ɗaya ta dafa shi: a jera ƙwai a tukunya, a zuba ruwa ya sha kansa, a ɗora a wuta. A 'yan shekarun nan wasu sun koma turara shi a madambaci, wasu kuma sun sayi tukunyar nan mai kulle tururi, wadda a Nijeriya ake ce wa furesha kuka, a Nijar kuma kokot-minit. A wannan takarda zan kira ta tukunyar matsi. Dukan hanyoyin uku suna dafa ƙwai lafiya. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya sauya tukunya amma bai sauya lissafin lokacinsa ba. Minti goma a ruwa ba minti goma ba ne a tururi, kuma ba minti goma ba ne a tukunyar matsi, domin kowace hanya tana da lokacin da ya kamata a fara duban agogo.

Abin da ya sa ni rubuta wannan shi ne wasu mata biyu da na haɗu da su a wurin aiki, a cikin wata guda. Ta farko ta kawo yaranta biyu ɗakin shan magani da zawo da zazzaɓi. Da muka bi diddigi, sai ta ce ta koma turara ƙwan tallarta, kiret uku a tashi ɗaya, tana kuma ba shi minti goma daga lokacin da ta rufe murfi, kamar yadda ta saba a ruwa. Na ƙasa ya nuna sarai. Na sama kuwa gwaiduwarsa ta fito da danshi, masu saye suka ƙi shi, ya wuni a rana, da dare ta ba yara ragowar. Ta biyu ba ta kawo mara lafiya ba, kuka ta kawo: ta ba ƙwai minti goma sha biyu a tukunyar matsi, farin ya koma kamar roba, gwaiduwa ta yi kore, ta zubar da kiret guda tana zaton ya lalace. Ɗaya ta gaza, ɗaya ta zarce, kuma kuskurensu ɗaya ne.

Abin da ke faruwa a cikin ɓawo

Zafi yana shiga ƙwai ne daga waje zuwa ciki, a hankali. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun zafinsa bai kai digiri 65 ba a ma'aunin Salshiyas, ita kuwa gwaiduwa tana ƙanƙamewa a wajen digiri 70. Wannan adadi na 70 shi ne kuma wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da a matsayin zafin da ya kamata tsakiyar abinci ta kai don kashe ƙwayoyin cuta. A ƙwai, ƙwayar da muka fi tsoro ita ce salmonela, wadda takan zauna a kan ɓawo daga kashin kaza, wani lokaci kuma a cikin ƙwan kansa. Ba ku da ma'aunin zafi a kasuwa, kuma ba ku bukatarsa. Gwaiduwa ita ce ma'auninku: idan ta ƙanƙame har tsakiya, ba danshi, ba sheƙi, to zafin ya isa inda ake so.

A gida, babba mai lafiya yana iya zaɓar ƙwai mai ruwa-ruwa ya ci nan take, wannan ra'ayinsa ne. Ƙwan sayarwa dabam yake. Zai ɗauki lokaci kafin a ci shi, kuma ba ku san hannun da zai faɗa ba, ko na ƙaramin yaro ne, ko mai juna biyu, ko tsoho. Don haka duk lokutan da zan ba ku a nan na ƙwai ne mai cikakkiyar nuna.

Tafasawa a ruwa: inda lissafin ya samo asali

Idan kun sa ƙwai a ruwan sanyi kuka ɗora, ƙwan yana fara dahuwa tun kafin ruwan ya tafasa. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙaramar tukunya mai ƙwai shida tana tafasa da wuri, sai a ƙara mata minti takwas zuwa goma. Babbar tukunya mai kiret biyu kuwa tana iya ɗaukar kusan rabin awa a kan gawayi kafin ta tafasa, kuma a ƙarshen wannan jira ƙwan ya riga ya yi nisa a dahuwa. Mai cewa "minti goma nake ba shi" ta faɗi gaskiya, amma ba ta lissafa dogon lokacin da ƙwan ya yi a ruwa mai zafi kafin agogonta ya fara ba. Wannan ɓoyayyen lokaci shi ne ke ɓacewa idan an koma tururi, domin a can ba a ɗora ƙwai sai ruwa ya riga ya tafasa.

Ruwa yana da wasu illoli idan ƙwai ya yi yawa. Tafasa tana kaɗa su suna bugun juna da gindin tukunya, wasu su tsage, farin ya fito ya yi kumfa. Kuma ƙwan da aka fara a ruwan sanyi ya fi wahalar ɓarewa, domin farin yana daskarewa a hankali yana manne wa 'yar fatar da ke ƙarƙashin ɓawo. Wanda zafi ya buge shi farat ɗaya ya fi sakin ɓawo, musamman idan ya kwana biyu da saka shi. Ƙwan da kaza ta saka yau, kowace hanya aka bi, yana da taurin kai wajen ɓarewa.

Turarawa

Ba sabon abu ba ne a gare ku. Duk macen da ta iya dambu ko alala ta riga ta iya rabin aikin. Ana bukatar madambaci, ko babbar tukunya da gwagwar ƙarfe da za ta zauna a ciki ba tare da ruwa ya taɓa ƙwan ba, da murfi mai kamawa sosai. Ruwan da za a zuba kaɗan ne, kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a babbar tukunya. Kiret biyu da za a tafasa a ruwa kuwa sai an ba su ninkin haka sau huɗu ko biyar kafin ruwa ya sha kansu. A nan ribar gawayi take.

Wani zai yi mamakin yadda tururi, abin da ba a iya kamawa da hannu, zai dafa ƙwai kamar ruwa. Zafinsu ɗaya ne, wajen digiri 100. Sirrin shi ne, idan tururi ya taɓa abu mai sanyi yana komawa ruwa, kuma a wannan komawar yana sakin zafi mai yawan gaske a kan ɓawon. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwa ciwo. Amma wannan sirri yana da wani gefe. Ƙwai mai sanyi yana shanye tururi. Idan kun jera ƙwai goma sha biyu a sahu ɗaya, cikin minti ɗaya ko biyu tururi ya sake cika tukunya. Idan kun jera sittin, na ƙasa za su riƙa shanye duk tururin da ke tasowa, na sama kuma suna zaune a tukunya mai ɗumi kawai, ba su fara dahuwa sosai ba. Sai na ƙasa sun yi zafi sannan tururi zai wuce su ya kai sama. Wannan jiran yana iya kai minti huɗu, ko shida, ko fiye idan wuta ba ta da ƙarfi. Matar nan ta farko ta ci kusan rabin mintinta goma a wannan jira.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: kada ku fara ƙirga daga lokacin da kuka rufe murfi. Ku fara daga lokacin da tururi ya dawo yana fita da ƙarfi ta gefen murfi, ba ɗan hayaƙi mai tashi yana ɓacewa ba. Daga nan, ƙwan gidan gona mai matsakaicin girma, wanda bai shiga firij ba, yana bukatar minti goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu. Idan daga firij ya fito, ku ƙara minti ɗaya ko biyu. Ƙwan kajin gida da ƙwan zabi sun fi ƙanƙanta, kuna iya farawa da minti goma, ko da yake ɓawon na zabi yana da kauri, don haka kada a rage masa fiye da haka. Kada kuma a haɗa manya da ƙanana a tukunya ɗaya in ana iya raba su.

Bari mu bi misali daga farko zuwa ƙarshe, da kiret biyu, ƙwai 60, a kan kurfoti.

Tun kafin a hura wuta a tantance ƙwan. Mai tsaga a ware shi, ba na talla ba ne, a soya shi a gida nan take idan tsagar sabuwa ce. Wanda ake shakkarsa a sa shi a ruwa: in ya taso sama ya tsufa ƙwarai, a fitar da shi. Baragurbi ɗaya da ya fashe a cikin tururi ya isa ya ɓata warin tukunya duka. Mai kashin kaza a jiki a wanke shi a lokacin da za a dafa, ba tun jiya ba, domin wanki yana cire wani siririn lulluɓi da ke toshe ƙananan ƙofofin ɓawo.

A zuba ruwa lita ɗaya da rabi, a rufe, a bar shi ya tafasa sosai. Yayin da ake jira, a jera ƙwan a gwagwa ko a saman madambaci tun yana ƙasa, sahu biyu, in ya matsa uku, kada ya wuce haka, kuma kada a cusa su har su toshe dukan ramukan. A ce da ƙarfe bakwai daidai aka ɗora gwagwar aka rufe. Tafasar za ta lafa, tururi ya ɗauke. Kada ku buɗe don dubawa, buɗewa tana mayar da ku baya. Ku fifita wutar. Da bakwai da minti biyar tururi ya dawo yana huci ta gefen murfi: yanzu ne agogo ya fara. Ku sa ƙararrawar waya a kan minti goma sha biyu. Da bakwai da minti goma sha bakwai sai a buɗe murfin ta gefen da ba ya fuskantarku, a ɗauki ƙwai ɗaya da ludayi daga tsakiyar sahun sama, inda tururi ya fi jinkirin kaiwa, a mayar da murfi, a tsoma ƙwan a ruwa, a raba shi biyu da wuƙa. In gwaiduwa ta ƙanƙame har tsakiya, a sauke. In akwai ɗigon duhu mai laushi a tsakiyarta, a ƙara minti biyu.

Ƙwai ɗayan nan da kuke yankawa ba asara ba ne, ku ci abinku. Kwana uku kuna yin haka da tukunya ɗaya, da murhu ɗaya, da adadin ƙwai ɗaya, za ku san mintin tukunyarku fiye da yadda wata takarda za ta gaya muku. In kun sauya tukunya, ko kun koma daga gawayi zuwa gas, ko kun ƙara kiret, ku sake gwaji. Juya ƙwai a kan faranti da wasu ke yi yana nuna bambancin ɗanye da dafaffe ne kawai, ba ya nuna ko tsakiyar gwaiduwa ta nuna.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata turarawa. Na farko murfi mai yoyo. In bai kama ba, a naɗa tsumma mai tsabta a bakin tukunya kamar yadda ake yi wa dambu, amma a lura, tsumma yana ɓoye fitar tururi, don haka a bar 'yar kafa da za a gani. Na biyu ƙonewar ruwa. In kuna dafa zubi biyu ko uku a jere, ku duba ruwan tsakanin kowane zubi, ku ƙara da ruwan zafi. Tukunyar da ta bushe ba ta dafa komai, tana dai ƙona gindinta tana sa wa ƙwai ƙauri.

Ga 'yan'uwa da ke kai kaya wurare masu tudu irin Jos, wadda ta haura mita 1,200 a kan teku: a can ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, don haka tafasawa da turarawa duka suna bukatar ƙarin minti ɗaya ko biyu. A garuruwanmu na kan iyaka bambancin bai kai abin damuwa ba.

Tukunyar matsi

Wannan tukunya tana kulle tururi ne ya kasa fita, matsi ya ƙaru a ciki, ruwa ya kasa tafasa sai ya kai kusan digiri 120. A irin wannan zafi wake da ganda suna nuna cikin ɗan lokaci. Ƙwai kuwa abu ne mai saurin nuna tun asali, saboda haka tazarar da ke tsakanin nuna da zarcewa ƙarama ce ƙwarai, minti biyu sun isa su ɓata shi.

Dahuwa a cikinta kashi uku ce, kuma ƙwan yana dahuwa a dukan ukun. Akwai lokacin da matsi ke taruwa, daga ɗorawa zuwa sa'ad da ɗan ƙarfen da ke kan murfi ya fara rawa ko tukunyar ta yi fito na farko. Akwai lokacin da take kan cikakken matsi. Sannan akwai lokacin da aka sauke ta ana jiran matsin ya sauka. Agogonku yana farawa ne daga fiton farko. Daga nan a rage wuta, a ba shi minti huɗu zuwa biyar, a sauke, a bar ta minti biyar a rufe, sannan a saki ragowar tururin kamar yadda aka tsara wa irin tukunyarku, a buɗe. Masu tukunyar lantarki suna da wani lissafi da suka saba da shi mai sauƙin riƙewa: biyar a matsi, biyar a jira, biyar a ruwan sanyi.

Ga wani abu da ya saɓa wa hankali a farkon ji. Idan kun ƙara yawan ƙwai a tukunyar matsi, ba a ƙara minti. Ƙwai mai yawa yana sa matsi ya daɗe bai taru ba, kuma a duk wannan lokaci yana dahuwa a tururi. Don haka tukunya cike takan bukaci minti huɗu a inda rabin tukunya ke bukatar biyar. Matar nan ta biyu ta ga ƙwanta da yawa, ta ƙara lokaci, ta kuma bar tukunyar ta huce da kanta har ƙarshe. Ƙwan ya yi fiye da rabin awa a cikin zafi.

Koren da ta gani a gefen gwaiduwa ba guba ba ne, ba kuma alamar ruɓewa ba ce. Idan ƙwai ya daɗe a zafi, farin yana sakin wata iska mai warin kibiritu, ita kuma tana haɗuwa da sinadarin ƙarfe da ke cikin gwaiduwa, sai wannan launi ya fito. Ana cin sa lafiya. Illarsa ta kasuwa ce: yana da wari, yana shaƙe maƙogwaro, mai saye ba ya dawowa.

Tukunyar tana da sharuɗɗan da ba a wasa da su. A zuba ruwa aƙalla kofi ɗaya zuwa biyu, a ɗora ƙwan a kan 'yar marfin ƙarfe mai ramuka da ke zuwa da ita, kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku. Kafin a rufe, a ɗaga murfin a duba bututunsa ta haske a tabbatar bai toshe ba, a duba robar bakin murfi ko ta tsage ko ta saki. Kada a taɓa tilasta wa murfi buɗewa. In ya ƙi juyawa, akwai sauran matsi a ciki. Na ɗaure ƙunar fuska da ƙirji da ta samo asali daga wannan gaggawa, ba na fatan sake gani. Kuma tukunya ce da ke son wutar da ake iya ragewa nan take, wato gas ko risho. A kan itace ko gawayi rage wuta yana da wuya, harshen wuta kuma yana cin hannun tukunyar da robarta.

In kun tambaye ni ra'ayina, ba zan ce mai sayar da ƙwai ya sayi wannan tukunya saboda ƙwai ba. Ku haɗa lissafin: minti shida zuwa takwas kafin fito, biyar a matsi, biyar a jira. Kun kai minti goma sha shida ko fiye, daidai da abin da madambaci ya ɗauka a misalinmu, alhali tukunya mai lita shida ba ta ɗaukar fiye da ƙwai ashirin da 'yan kai, kuma tsagewa ta fi yawa a cikinta. Wanda yake da ita don wake da nama, yana iya amfani da ita. Wanda ba shi da ita bai rasa komai ba.

Bayan an sauke

Ƙwan da aka tara a kwando da zafinsa yana ci gaba da dahuwa, na tsakiya ya fi kowa. Don haka ake tsoma shi a ruwan sanyi, minti biyar in da ƙanƙara, goma zuwa goma sha biyar in ruwan randa ne, ana sauya ruwan idan ya yi ɗumi. Ƙwai 60 suna ɗumama bokiti guda cikin ɗan lokaci, don haka ku tanadi ruwan sauyi tun da wuri.

A nan ne nake so ku fi mai da hankali, domin a nan ake ɓata aikin da wuta ta gyara. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ƙwai mai zafi ya shiga ruwan sanyi, abin da ke cikinsa yana tsukewa, sai ya zuƙo ɗan ruwa ta waɗannan ƙofofi. In ruwan na wanke-wanke ne, ko na rijiyar da ba a rufe ba, ko wanda hannaye suka yi ta shiga, to kun shigar da ƙwayar cuta cikin ƙwan da ya fito daga wuta da tsabtarsa. Ruwan sanyaya ƙwai dole ya zama ruwan da za ku iya ba ɗanku ya sha: wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa maganin kulorin bisa ƙa'ida. Haka ma ƙanƙarar. In ba ku da irin wannan ruwa a ranar, ya fi muku ku rage minti ɗaya a wuta bayan kun tabbatar da nunar gwaiduwa a gwajinku, ku baza ƙwan sahu ɗaya a faranti mai tsabta a inuwa, iska ta sanyaya shi. Zai ɗan fi wuyar ɓarewa, amma ya fi aminci. Mai ƙurji ko miki a hannu kada ya taɓa ruwan ko ƙwan, domin akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a miki da hanci wadda ke barin guba a abinci, tana sa amai cikin 'yan awoyi.

Kada a mayar da dafaffen ƙwai cikin kiret ɗin kwalin da ɗanye ya fito. Na ga ana yin haka a kusan kowace tasha, domin kiret ya fi sauƙin ɗauka. Kwalin nan ya sha kashin kaza da ruwan fasasshen ƙwai, ba ya wankuwa. Ku ware faranti ko roba mai murfi don dafaffe kaɗai. Kuma a bar ƙwan a ɓawonsa har sai mai saye ya zo.

Saura maganar da ba ta da daɗin ji. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a cikin sanyi ba, ba kuma a kan zafi ba, domin ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, faranti a kan kai shi ne wurin da suka fi so. Na san ba mai tallar da zai iya sayar da kiret uku cikin awa biyu. Shi ya sa nake ganin babbar fa'idar turarawa ba ita ce dafa ƙwai ɗari biyu da asuba ba. Fa'idarta ita ce, da ruwa lita ɗaya da ɗan gawayi kuna iya dafa kiret ɗaya cikin abin da bai kai rabin awa ba, da safe, ku sake da azahar, ku sake da la'asar, gwargwadon yadda kasuwa ta buɗe. Da tafasawa a babbar tukunya hakan yana da tsada, da tururi kuwa ba shi da ita. Ɗanyen ƙwai mai lafiyayyen ɓawo ya fi dafaffe jure ajiya, don haka abin da ba ku tabbatar za a saya ba, ku bar shi ɗanye.

Mai kula da ƙanƙara yana iya ajiye wanda ya riga ya huce a ciki ya riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Amma zuba ƙwai mai zafi a kula a rufe don ya riƙe ɗumi har yamma kuskure ne, domin bayan ɗan lokaci zafin yana sauka ya tsaya daidai inda ƙwayoyin cuta ke so. A firij mai samun wuta ba yankewa, dafaffen ƙwai a ɓawonsa yana kai mako guda. Wanda ya tsage a wuta a ci shi da wuri a gida, kada ya shiga faranti. Wanda ya wuni a rana bai sayu ba, kada ya kwana ya koma faranti gobe, kada kuma ya zama abincin daren yara. Santsi a jikin ɓawo ko wari mai tsami alama ce ta lalacewa, amma ƙwan da ke ɗauke da cuta sau da yawa ba ya nuna komai, ba a ido ba, ba a hanci ba.

In wani a gidanku ya kamu da zawo ko amai bayan cin ƙwai, ko cikin 'yan awoyi ko bayan kwana ɗaya zuwa uku, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti nan take, kaɗan-kaɗan ba tsayawa, mai shan nono a ci gaba da ba shi. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya kasa sha, idanunsa sun faɗa, fitsari ya ɗauke, ku kai shi asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci da lokacin da aka dafa shi, ku kuma janye ragowar wannan zubin daga faranti.